Yadda Ake Lissafin Iyakar Kuskure, Karkata da Sigma: Misali da Gwajin Sukarin Jini

A ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, ganin kwantirol, wato samfurin da aka san ƙimarsa wanda ake gwadawa domin duba aikin na'ura, ya faɗa tsakanin layuka a kan jadawali kowace safiya ba ya nuna cewa hanyar gwaji tana da kyau. Abin da yake nunawa kawai shi ne na'urar tana yin yau irin abin da ta saba yi. Ko abin da ta saba yi ya isa likita ya dogara da shi, wannan tambaya ce dabam, kuma ana amsa ta ne da lambobi uku: iyakar kuskuren da aka yarda da shi, wadda ake rubutawa `TEa`, karkatar sakamako daga ƙimar gaskiya, wato `bias`, da warwatsuwar sakamako idan aka maimaita gwaji a kan samfuri ɗaya, wato `CV`. Daga waɗannan ukun ake fitar da sigma, lambar da take nuna sararin da hanyar gwaji take da shi kafin ta kai bakin iyakar kuskure. Za mu bi lissafin da gwajin gulukos a jini, domin gwaji ne da kusan kowane ɗakin gwaji yake yi, kuma akwai lamba guda da hukuncin likita ya rataya a kanta: sukarin azumi na 7.0 mmol/L, wato 126 mg/dL, inda ake fara zancen ciwon suga. Lambobin ɗakin gwajin da za a gani a ƙasa na misali ne, an tsara su domin a bi lissafin da su.

Mataki na farko: a tsayar da iyaka kafin a duba sakamako

`TEa` ba abu ba ne da ake aunawa a na'ura. Mizani ne da ake ɗaukowa daga waje, kuma yana faɗin iyakar nisan da sakamako guda ɗaya zai iya yi daga gaskiya ba tare da ya ɓata hukuncin likita ba. Taron masana da aka yi a Milan a 2014 ya jera hanyoyi uku na tsayar da irin wannan mizani: a duba tasirin kuskuren ga majinyaci, ko a duba yadda sinadarin yake canjawa da kansa a jikin ɗan Adam, ko a duba iyakar abin da fasahar zamani take iya yi.

A aikace, yawancin ɗakunan gwaji suna ɗaukar ɗaya daga tushe biyu. Na farko shi ne dokokin CLIA na Amurka. Tsohuwar iyakarsu ta gulukos, ta 1992, ita ce kashi 10 cikin 100 ko 6 mg/dL, duk wadda ta fi faɗi. An sabunta dokokin, kuma daga farkon 2025 iyakar ta koma kashi 8 cikin 100 ko 6 mg/dL. Wannan sharaɗi na ɗaukar wadda ta fi faɗi yana da amfani a ƙasan ma'auni. A 75 mg/dL, kimanin 4.2 mmol/L, iyakokin biyu suna haɗuwa. Ƙasa da haka, 6 mg/dL ce take aiki. Saboda haka a 50 mg/dL iyakar ta zama kashi 12, ba kashi 8 ba, kuma wanda ya manta da wannan zai yanke wa hanyarsa hukuncin da ya fi na doka tsanani.

Tushe na biyu shi ne canjin da jiki yake yi da kansa. Sukarin mutum ɗaya mai lafiya yana hawa da sauka daga rana zuwa rana, ana kiran wannan `CVi`, kuma mutane sun bambanta da juna, wato `CVg`. Ƙa'idar ita ce kada warwatsuwar na'ura ta wuce rabin `CVi`, kada kuma karkata ta wuce rubu'in haɗin biyun:

```
TEa = 1.65 × (0.5 × CVi) + 0.25 × √(CVi² + CVg²)
```

A jadawalin Ricos na 2014, `CVi` na gulukos 5.6 ne, `CVg` kuma 7.5. Rabin 5.6 shi ne 2.8, idan aka ninka da 1.65 ya ba da 4.62. Ɓangare na biyu kuwa, 31.36 da 56.25 sun haɗu sun ba da 87.61, tushensa 9.36, rubu'insa 2.34. Jimla kashi 6.96, kusan 7. Ƙungiyar EFLM ta Turai ce take riƙe da sabon rumbun waɗannan lambobi yanzu, kuma wanda zai bi wannan hanya ya kamata ya ɗauko su daga can.

Ke nan gwaji ɗaya yana da iyakoki uku: 10, 8 da 7. Shawarata ita ce shugaban ɗakin gwaji ya zaɓi ɗaya, ya rubuta ta a takardar tsarin aiki tare da tushenta da shekararta, tun kafin a fara lissafi. Wanda ya jira har ya ga sakamako sannan ya zaɓi iyaka, zuciyarsa za ta ja shi zuwa ga wadda ta fi sauƙi. A misalinmu za mu riƙe kashi 8.

Mataki na biyu: warwatsuwa, daga littafin kwantirol

Ana samun `CV` daga sakamakon kwantirol na yau da kullum. A tattara na wata uku zuwa shida, na lot ɗaya na kwantirol, na ƙasa da na sama kowanne dabam. A jera su a shafin Excel, a fitar da matsakaici, wato `mean`, da `SD`, wato ma'aunin nisan da sakamako suke yi daga matsakaicin:

```
=AVERAGE(B2:B61)
=STDEV.S(B2:B61)
CV% = (SD / mean) × 100
```

A ce kwantirol na ƙasa ya ba da matsakaicin 5.5 mmol/L da `SD` na 0.11 a sakamako 60. Idan aka raba 0.11 da 5.5 aka ninka da 100, `CV` ya zama kashi 2.0. Na sama kuma ya ba da matsakaicin 15.0 da `SD` na 0.24, wato kashi 1.6.

Lissafin kansa ba shi da wuya. Wahalar tana wajen irin lambobin da aka zuba masa, kuma a nan ne sigma mai kyau ta ƙarya take yawan fitowa. Wasu suna maimaita samfuri sau ashirin a zama ɗaya su ɗauki wannan a matsayin warwatsuwar hanyar. Lambar da za ta fito ƙarama ce, domin babu canjin rana a cikinta, babu canjin ma'aikaci, babu sabuwar kwalbar sinadari, babu sabon kalibireshan, wato sake saita na'ura, babu yinin da wuta ta ɗauke firiji ya ɗumama. Majinyacin da ya zo a watan Afrilu, lokacin da zafi ya kai maƙura, sannan ya dawo da hunturu, duk waɗannan canje-canje suna cikin sakamakonsa. Don haka dole su kasance cikin `CV`. Wasu kuma suna ɗaukar `SD` da ke jikin takardar kamfanin kwantirol. Wannan lamba an faɗaɗa ta ne domin ta ɗauki na'urori da ɗakuna masu yawa, ba ta bayyana aikin na'urarku. Sannan akwai share sakamakon da bai yi daɗi ba. Wanda ya halatta a cire shi ne kawai wanda aka san dalilinsa kuma aka rubuta a ranar, kamar an saka kwantirol na sama a gurbin na ƙasa. Sauran duk halin hanyar ne, ko da ba a so ganinsu ba.

Yawan lambobin ma abin lura ne. `SD` da aka fitar daga sakamako 20 kacal na iya kasancewa, a gaskiya, tsakanin kusan 0.76 da 1.46 na abin da aka gani. Ma'ana, `CV` na 2.0 zai iya zama 1.5 ko 2.9. Da sakamako 60 tazarar tana raguwa zuwa kusan 0.85 da 1.22. Tun da `CV` shi ne abin da ake rabawa da shi a lissafin sigma, ƙaramin kuskure a nan yana jijjiga amsar gaba ɗaya.

Mataki na uku: karkata, wadda ta fi wuyar kamawa

Karkata ita ce tazarar da ke tsakanin matsakaicin abin da na'ura take bayarwa da ƙimar gaskiya. Matsalar ita ce littafin kwantirol ba zai iya nuna ta ba idan ɗakin gwajin ne ya tsayar da matsakaicinsa da kansa, domin na'urar da take ƙara kashi 3 a kullum za ta zauna daidai a tsakiyar jadawalinta. Kamar sikelin da aka saita da nauyin da bai cika ba ne: kullum yana yarda da kansa, sai an kawo nauyi daga waje sannan a gane.

Nauyin waje a nan shi ne shirin tantance inganci na waje, wanda ake kira EQA, inda ake aiko samfurin da ɗakin gwaji bai san ƙimarsa ba. A Najeriya MLSCN, hukumar da take kula da aikin ɗakunan gwajin asibiti, tana gudanar da irin wannan shiri, akwai kuma na kamfanoni kamar RIQAS na Randox. Ga kowane zagaye, inda `lab` shi ne sakamakon ɗakin gwaji, `target` kuma ƙimar da ake nema:

```
bias% = (lab − target) / target × 100
```

A ce zagaye biyar da ƙimarsu take kusa da kwantirol na ƙasa sun ba da wannan. Inda ake neman 5.2 an samu 5.3, ƙarin kashi 1.92. Inda ake neman 6.8 an samu 7.0, ƙarin 2.94. Na 5.9 ya ba da 6.0, ƙarin 1.69. Na 7.4 ya ba da 7.6, ƙarin 2.70. Na 4.8 kuma ya ba da 4.9, ƙarin 2.08. Jimlarsu 11.33, matsakaici 2.27, a ce kashi 2.3. Kowane ɗayansu ya ci jarrabawar shirin, rahoton zai dawo babu jan alama, kuma da yawa za su ajiye shi a fayil su wuce. Amma duk biyar ɗin suna gefe ɗaya, kuma wannan shi ne alamar karkata ta gaske.

Da a ce sakamakon yana tsalle ne, wata ɗaya ƙarin 3, wata na gaba ragin 3, matsakaicinsu zai kusanci sifili. Bai kamata a yi murna da wannan sifili ba. Yana nuna na'urar tana canja matsayi tsakanin kalibireshan da kalibireshan, kuma ya kamata a je a duba ko `CV` ya kama wannan motsi. Ba a kuma ɗaukar zagaye ɗaya a kira shi karkata, domin sakamako ɗaya yana ɗauke da warwatsuwarsa. Ko matsakaicin biyar ɗin da muka samu yana da nasa rashin tabbas, kimanin 2.0 a raba da tushen 5, wato kashi 0.9.

Sai kuma a tambayi abin da ake kira `target` a rahoton. Idan ƙimar ta fito daga hanyar ma'auni ta asali, kuma samfurin yana hali irin na jinin majinyaci, to karkatar da aka samu daga gaskiya ce. Amma a shirye-shirye da yawa matsakaicin ɗakunan da suke amfani da na'ura da sinadari iri ɗaya ne. Wannan yana nuna nisanku daga takwarorinku ne kawai, kuma idan dukan masu wannan na'ura sun karkata tare, ba za a gani ba. Haka kuma bai dace mai amfani da hanyar gulukos oksides ya gwada kansa da rukunin masu hanyar heksokines ba, domin busasshen samfurin da aka sarrafa a masana'anta yana iya nuna bambanci tsakanin hanyoyin biyu wanda babu shi a jinin mutum. A rubuta tushen `target` kusa da lambar karkata, kamar yadda aka rubuta tushen iyaka.

Mataki na huɗu: jimillar kuskure da sigma

Tun a 1974 James Westgard da abokan aikinsa suka kawo shawarar a haɗa karkata da warwatsuwa su zama lamba ɗaya, domin likita sakamako ɗaya yake karɓa, kuma kurakuran biyu suna cikinsa tare:

```
TE = |bias| + 1.65 × CV
Sigma = (TEa − |bias|) / CV
```

Layukan da ke gefen `bias` suna nufin a jefar da alamar ƙari ko ragi. Dole kuma lambobin uku su kasance cikin ma'auni ɗaya, ko duk kashi cikin ɗari, ko duk mmol/L tare da `SD` a madadin `CV`, kuma a mataki ɗaya na sukari.

A matakin ƙasa, 1.65 sau 2.0 ya ba da 3.3, a ƙara 2.3, jimillar kuskure ta zama kashi 5.6. Wasu suna amfani da 2 a madadin 1.65, su sami 6.3. Ko ta yaya, bai kai 8 ba, don haka hanyar ta tsallake. Yanzu sigma: 8 a cire 2.3 saura 5.7, a raba da 2.0, amsa 2.85. A matakin sama, idan karkata kashi 1.0 ce, 7.0 a raba da 1.6 ya ba da 4.4.

Hanyar da ta tsallake gwajin farko ke nan ta gaza kai sigma 3, wadda ake ɗauka a matsayin mafi ƙarancin abin da za a yarda da shi. Babu saɓani tsakanin amsoshin biyu, tambayoyi biyu suke amsawa. Jimillar kuskure tana cewa, idan komai yana tafiya daidai, yawancin sakamako suna cikin iyaka. Sigma kuwa tana ƙirga `SD` nawa ne suka rage tsakanin inda na'ura take zaune da bakin iyaka, wato sararin da ake da shi kafin wata 'yar matsala ta fara fitar da sakamakon da zai ɓatar da likita.

Ana iya auna wannan sarari kai tsaye. Idan aka cire 1.65 daga sigma, abin da ya rage shi ne girman gocewar da za ta sa kashi 5 cikin 100 na sakamako su wuce iyaka. A misalinmu 2.85 a cire 1.65 saura 1.2. Gocewar `SD` 1.2 kawai, kimanin 0.13 mmol/L, ta isa ta jefa hanyar cikin haɗari. To ɗakin gwajin da yake saka kwantirol biyu kuma yake ƙin aiki sai ɗaya ya wuce `SD` uku, damar da yake da ita ta kama irin wannan gocewa a zagayen farko ba ta wuce kusan kashi 7 cikin 100 ba. Ga hanyar da take da sigma 6, gocewar da ake tsoro `SD` 4.35 ce, kuma wannan ƙa'ida ɗaya tak za ta kama ta kusan kashi 99 cikin 100. A ganina wannan ne babban amfanin sigma: tana gaya wa ma'aikaci ko kwantirol ɗin da yake sakawa yana iya ganin matsalar da aka saka shi domin ita.

A gefen majinyaci, a ɗauki mutumin da sukarin azuminsa na gaskiya 6.7 ne. Karkatar kashi 2.3 tana tura matsakaicin abin da na'ura za ta ba shi zuwa 6.85, kuma da `SD` na kusan 0.14, wajen sau ɗaya cikin bakwai zai kai 7.0 ko ya wuce, kafin ma a taƙaita lamba. Ba tare da karkatar ba, abin bai fi kusan sau ɗaya cikin tamanin ba.

Da mun zaɓi tsohuwar iyakar kashi 10, sigma za ta zama 3.85, da ta canjin jiki, 2.33. Na'ura ɗaya, wata ɗaya, ma'aikata ɗaya. Shi ya sa sigma da aka faɗa ba tare da iyakar da aka yi amfani da ita ba ba ta da ma'ana, kuma ba a kwatanta ta ɗakuna biyu sai iyakarsu ɗaya ce. Idan kuma aka tuna cewa karkatar tamu na iya zama 1.4 ko 3.2, sigma tana tsakanin 2.4 da 3.3. Gaskiyar abin da za a rubuta a rahoto shi ne tana kusa da 3, wataƙila ƙasa.

Mataki na biyar: abin da za a yi da amsar

Ana tsara kwantirol bisa matakin da ya fi rauni, a nan na ƙasa, wanda kuma shi ne kusa da 7.0. A tsarin Westgard, sigma 6 ko fiye tana buƙatar ƙa'idar `1-3s` kaɗai, wato a ƙi aiki idan kwantirol ɗaya ya wuce `SD` uku, da kwantirol biyu. Sigma 5 ana ƙara mata `2-2s`, wato biyu a jere sun wuce `SD` biyu a gefe ɗaya, da `R-4s`, wato a zagaye ɗaya wani ya wuce `SD` biyu ta sama wani kuma ta ƙasa. Sigma 4 ana ƙara `4-1s`, wato huɗu a jere sun wuce `SD` ɗaya a gefe ɗaya, tare da kwantirol huɗu, ko biyu a duba su a zagaye biyu. Ƙasa da 4 ana ƙara `8x`, wato takwas a jere a gefe ɗaya na matsakaici, a kuma yawaita saka kwantirol. Ƙasa da 3 kuwa, yawan ƙa'idoji ba ya isa. Hanyar ce da kanta take buƙatar gyara.

Kafin a taɓa na'ura, a gwada gyaran a takarda. Idan aka kawar da karkata gaba ɗaya `CV` bai motsa ba, 8 a raba da 2.0 ya ba da 4.0, kuma nan ne iyakar abin da sabon kalibireshan zai iya kaiwa. Idan aka bar karkata aka sauko da `CV` zuwa 1.3, 5.7 a raba da 1.3 ya ba da 4.4. Idan aka yi duka biyu, karkata 0.5 da `CV` 1.3, amsa 5.8. Akwai gajeriyar hanya ta gane inda nauyin yake, `QGI = bias / (1.5 × CV)`: ƙasa da 0.8 yana nuni ga warwatsuwa, sama da 1.2 ga karkata, tsakani kuma ga duka biyu. Namu 2.3 a raba da 3.0, wato 0.77, yana bakin iyaka, kuma ya dace da abin da takarda ta nuna.

Karkata ta gefe ɗaya tana kai mutum ga kalibireta, wato samfurin da ake saita na'ura da shi: ko an shigar da ƙimar sabon lot a na'ura, ko an narkar da shi da ruwan da ya dace a daidai adadi, ko ya daɗe a buɗe har ya lalace. Kalibireta da sukarinsa ya ragu, ko wanda aka zuba wa ruwa fiye da ƙima, yana sa na'ura ta riƙa ƙara wa kowane majinyaci. Warwatsuwa kuwa tana kai mutum ga hannu da yanayi. A na'urar da ake zuba samfuri da hannu, a duba fifet ta hanyar auna nauyin ruwan da take ɗauka, a duba lokacin jira da zafin ma'ajin ɗumamawa, a kuma raba sakamakon kwantirol bisa ma'aikaci domin a ga ko na wani ya fi baje. A babbar na'ura a duba allurar ɗaukar samfuri, fitila da tsabtar ruwa. Kada a manta da kwantirol ɗin kansa: idan ana narkar da shi ana sake daskarar da shi, zai nuna warwatsuwar da ba ta cikin jinin majinyata, kuma maganin wannan shi ne a raba shi ƙananan kwalabe tun ranar farko.

Bayan gyara, ba a sake lissafi da sakamakon mako ɗaya. A jira sababbin lambobi su taru, a ƙalla ashirin a ranaku dabam-dabam a matsayin duban farko, sannan na wata uku tare da sababbin zagayen EQA. Kuma sigma tana auna abin da ya faru ne daga lokacin da samfuri ya shiga na'ura. Jinin da aka bari bai rabu da ƙwayoyinsa ba yana rasa kusan kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na sukarinsa a kowace sa'a a zafin ɗaki, don haka sa'a ɗaya da rabi a kan tebur tana iya cinye dukan iyakar kashi 8. Saboda haka a rubuta lokacin ɗiban jini da lokacin raba shi a kan kowace takardar gwajin gulukos, a kuma duba su a zama ɗaya da ake duba sigma.